Auren wuri da karatun 'ya'ya mata: abin da bincike ya tabbatar

A Nijar, binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. A Najeriya, irin wannan bincike na 2018 ya sami kashi 43, kuma lamarin ya fi yawa a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. A ƙasashen biyu, yarinyar da ba ta shiga aji ba ita ce ake aurarwa da wuri. Wannan babu jayayya a kansa.

Inda ake yawan kuskure shi ne wanne ya fara zuwa. Ana ɗauka aure ne ke cire yarinya daga makaranta. Yana faruwa. Amma a ƙauyuka da dama karatun ne ke fara tsayawa: ta gama aji shida, ƙaramar sakandare tana can nesa, ga kuɗin kayan makaranta, ga fargabar hanya. Sai ta koma talla. Uba ya dubi budurwa a gabansa ba karatu, masu nema suna sallama, ya ce gara ta tafi ɗakinta.

Hujjar da ta fi ƙarfi gwaji ne da aka yi a gundumar Zomba ta Malawi a 2008 da 2009. An zaɓi yankuna ta hanyar ƙuri'a. Wasu gidaje aka ba su kuɗi duk wata bisa sharaɗin yarinya ta halarci aji kwana 80 cikin ɗari, wasu aka ba su ba sharaɗi, sauran ba a ba su komai ba. Kuɗin sharaɗi ya fi riƙe yara a aji. Sai dai kuɗin da ba sharaɗi shi ne ya rage aure, da kashi 44 cikin ɗari, domin ya ci gaba da isa ga wadda ta bar makaranta, wato wadda aure ya fi kusa da ita. Ita kuwa tsarin sharaɗi yanke mata tallafi yake yi. Da aka daina biya, wannan ragin bai ɗore ba. Kuma Malawi ba Katsina ba ce, don haka a gwada a nan kafin a faɗaɗa.

Dokoki muna da su. Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, da ta ilimin bai-ɗaya kyauta na shekara tara a 2004. Nijar ta fitar da doka a 2017 kan riƙe yarinya a makaranta har shekara 16. Abin takaici, doka ba ta gina aji a ƙauye.

A ganina, jihohin da ke cikin shirin AGILE, irin su Kano da Kaduna da Katsina, su zuba ƙarfinsu a tsakanin aji shida da aji ɗaya na ƙaramar sakandare: makaranta kusa da gida, da malamai mata, da tallafin da ba zai yanke ranar da yarinya ta yi fashi ba. Su kuma riƙa buga adadin 'yan matan da suka gama aji shida a kowace ƙaramar hukuma, da adadin waɗanda aka gani a aji zangon da ya biyo baya.