Idan Ranar Gwaji Ta Haɗu Da Ranar Kotu

Ɗalibin jami'a ko na kwaleji ba ya daina zama ɗan ƙasa don ya shiga aji. Ana iya kiransa shaida saboda hatsarin da aka yi a gabansa, ko a nemi ya bayyana wurin rabon gadon mahaifinsa, ko wanda ya tsaya wa a beli ya gudu kotu ta ce ya zo ya yi bayani. Masinjan kotu zai kawo takardar sammaci, ɗalibi ya duba ranar da aka rubuta, ya ga ita ce ranar da lakcara ya sa gwaji. Daga nan ne mutane da yawa ke rikicewa, su yi ɗaya daga cikin abu biyu marasa kyau: ko su ƙi zuwa kotu, ko su tafi kotu ba tare da sun sanar da kowa a makaranta ba, sai bayan mako guda su zo suna roƙo a bakin ofis.

A ganina babu wani zaɓi a nan: kotu za a je. Gwaji abu ne da malami zai iya sake shiryawa, amma sammaci umarni ne na hukuma. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, da irinta da jihohi suka kafa, ta ba kotu ikon ba da takardar kamo shaidan da aka isar wa sammaci ya ƙi zuwa ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba. Wanda ake tuhuma kuma yake kan beli, rashin zuwansa na iya sa a soke belin a tsare shi. A ƙarar da ba ta laifi ba, kamar ta bashi ko ta fili, idan mai ƙara bai zo ba ana iya korar ƙararsa, idan kuwa wanda ake ƙara ne ana iya ci gaba da shari'a a bayan idonsa. Babu makin gwajin da ya kai a jawo wa kai wannan.

Amma makin ma ba abin yarwa ba ne. A yawancin jami'o'in Najeriya ana ware maki 30 ko 40 cikin 100 don ayyukan cikin zango, wato gwaji da jinga da makamantansu, sauran kuma na babbar jarrabawa ne. A ɗauka wata ɗaliba ce a kwas ɗin da aka ware wa 40, rabinsu na gwaji ne. Ta samu 14 a sauran ayyukan, ta samu 36 cikin 60 a jarrabawa. Idan ba ta zauna gwajin ba, jimillarta 50 ne. Da ta zauna ta samu ko da 12 ne, da ta tashi da 62, ta hau mataki guda a sakamako. In kuwa jarrabawar ta zo mata da wuya ta samu 25, to ba gwaji jimillarta 39, kuma a makarantar da makin tsira yake 40, maki ɗaya ya sa ta maimaita kwas a shekara mai zuwa. Saboda haka aikin da ke gabanta shi ne ta je kotu, kuma ta bar wa malaminta hujjar da za ta ishe shi ya sake mata gwaji ba tare da kowa ya zarge shi da son kai ba.

Mu bi wannan ɗaliba. An kawo mata sammaci ranar Laraba cewa ta bayyana a Kotun Majistare ranar Talata mai zuwa da ƙarfe 9 na safe don ba da shaida, gwajinta kuma ƙarfe 10 ne a ranar. Kafin ta nufi makaranta, ta fara karanta takardar da kyau. Sammaci na gaskiya yana ɗauke da sunan kotu, lambar ƙara, sunayen masu shari'a, rana da lokaci, da sa hannu da hatimi. Kiran waya daga wani yana cewa "ana nemanki a kotu" ba sammaci ba ne, kuma ba abin da za a nuna wa malami. Idan takardar ta rasa ɗaya daga cikin waɗannan, sai a je ofishin rajistara na kotun a tabbatar.

Akwai tambayar da ya kamata ta yi tun a ranar, ga lauyan da ya kira ta ko mai gabatar da ƙara: shin dole ne ta zo da kanta a wannan zaman? Wani zaman na ambaton ƙara ne kawai, ba za a saurari shaidu ba. A wasu ƙararrakin da ba na laifi ba, lauya na iya tsaya wa mutum. Lauya kuma na iya roƙon kotu ta saurari shaidar a wata rana, amma alƙali ne ke da ikon yarda ko ƙi, don haka kada a zauna a gida bisa alkawarin baki. Gayyatar 'yan sanda ko ta hukuma irin EFCC ta fi sauƙin sassauci, domin sau da yawa jami'in da ke bincike na iya sauya ranar idan an nema a rubuce da wuri, an haɗa da jadawalin makaranta. Idan an gwada wannan bai yiwu ba, sai a koma ga malami.

Ranar Alhamis, washegarin samun sammacin, ya kamata takardarta ta isa. Ba ranar Litinin da dare ba. Malamin da aka sanar da shi kwana biyar kafin gwaji yana da hanyoyi: ya ba ta nata gwajin daban, ko ya haɗa ta da wani rukuni, ko ya ba ta wani aiki a madadinsa. Wanda aka sanar bayan an gama yana da dalilin shakka, domin tambayoyin sun riga sun fita, kuma ya sha jin uzurin ƙarya iri-iri.

Takardar gajera ce, kuma da Turanci ake rubuta ta tunda shi ne harshen aiki a makarantun. Za ta sa cikakken sunanta, lambar rajistarta, ajinta, da suna da lambar kwas. Sannan ta faɗi abu uku a fili: cewa kotu kaza ta aiko mata sammaci ta bayyana rana kaza da ƙarfe kaza, cewa wannan ya ci karo da gwajin, kuma tana roƙon a ba ta damar yin gwajin a wani lokaci da malam ya ga ya dace. Ta ƙara da cewa za ta kawo shaidar halarta bayan zaman. Roƙo ne, ba umarni ba, domin a makarantu da yawa sake gwaji na cikin zango yana hannun malamin kwas ne. Yana da kyau a duba littafin dokokin ɗalibai, domin wasu sassan suna son takardar ta bi ta hannun shugaban sashe, a ba jami'in jarrabawa ko mai kula da aji kwafi.

Nan ne nake son a tsaya a lura. Kwafin sammacin ake maƙalawa, ba na asali ba, domin na asalin da shi za ta shiga kotu. Ta yi kwafi biyu na takardarta, ta miƙa ɗaya, a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar ta riƙe. Wannan ƙaramin hatimin shi ne zai yi mata magana bayan wata biyu, lokacin da malam ya manta da zancen a cikin ɗalibai ɗari uku, ko ya yi tafiya wani ya karɓi kwas ɗin. Aika shugaban aji da saƙon baki ba ya wadatarwa, haka ma saƙon waya shi kaɗai. In malam ba ya gari, a bar takardar wurin sakataren sashe, sannan a tura masa gajeren saƙo cewa an ajiye ta. In yana nan, ta je da kanta a lokacin aiki, ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, sammaci aka kawo mini daga kotu, kuma ranar ta faɗa kan gwajinka. Ga takardata, ina neman alfarma a ba ni wani lokaci." Wannan ya isa.

Abin da ya fi hana ɗalibai magana shi ne kunya. A wurinmu, a ce an ga mutum a kotu kamar an ce ya yi laifi ne, musamman ga mace da ke da shari'ar aure ko ta riƙon 'ya'ya a Kotun Shari'a. Ba dole ba ne malami ya san abin da shari'ar ta ƙunsa. Abin da yake bukata shi ne ya tabbatar kotu ce ta kira, kuma a wannan rana. Ana iya rufe bayanin ƙarar a jikin kwafin, a bar sunan kotu, lambar ƙara, sunan ɗalibi, rana da hatimi. Malamai su ma akwai amana a kansu: takarda irin wannan ba abin ambata a gaban aji ba ce, kuma wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta same shi da shi, kamar yadda Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanada.

Sai ranar kotun kanta. Kada ta yi lissafin cewa za ta gama da ƙarfe tara da rabi ta ruga aji. Ana jera ƙararraki da yawa a rana ɗaya, ana iya kiran tata da azahar, ana kuma iya wuni a ce alƙali bai zauna ba, an ɗage. Ko an saurare ta ko ba a saurare ta ba, kafin ta bar harabar ta nemi shaidar cewa ta zo: rajistara ya rubuta mata 'yar takarda, ko ya sa hannu da hatimi a jikin kwafin sammacin, ko lauyan da ya kira ta ya ba ta wasiƙa. Sammaci yana nuna an kira mutum ne kawai, ba ya nuna ya je.

Idan an ɗage shari'ar, lokacin da ake zaɓen sabuwar rana shi ne damarta. Ta riƙe jadawalin makaranta a jaka, ta sanar da lauya tun kafin a kira ƙarar, shi kuma ya roƙi kotu ta kauce wa ranakun jarrabawa. Wannan ya fi muhimmanci ga babbar jarrabawa, domin ita rashin zamanta ba a hannun malami ɗaya yake ba, yakan bi ta sashe da tsangaya har majalisar malamai ta jami'a, kuma amsar takan ɗauki lokaci.

Washegari, Laraba, ta kai wa malam shaidar halartar, ta nemi ya tsayar mata da rana, ta kuma zo a shirye ko da zai ce ta zauna yanzu, da tambayoyin da ba su ne na 'yan ajinta ba. In kwana uku ko huɗu suka wuce shiru, ta sake tuntuɓa cikin ladabi, domin da zarar an miƙa makin cikin zango ga jami'in jarrabawa, gyara yana ƙara wuya. In malam ya ƙi gaba ɗaya, sai ta rubuta wa shugaban sashe, ta haɗa da kwafin sammacin, shaidar halarta, da takardarta ta farko mai hatimin ranar Alhamis.