Dala Biyu Ba Tare da Kasada Ba: Ma'aunin da Ke Ɗaure Haƙƙin Saye da na Sayarwa

A kasuwar CBOE ta birnin Chicago, wadda aka buɗe a 1973, ana cinikin haƙƙoƙi iri biyu. Wanda allo ke nunawa da sunan `Call` yana ba mai shi damar sayen hannun jari a kan farashin da aka yanke, ranar da wa'adi ya cika. `Put` kuwa damar sayarwa ce a kan wannan farashi. Tun a 1969 masanin tattalin arziki Hans Stoll ya nuna cewa farashin ɗayan yana ɗaure da na ɗayan, muddin hannun jarin, farashin yarjejeniya da wa'adin duk ɗaya ne:

```
C - P = S - K/(1 + r)
```

Wannan lissafin na wa'adin shekara guda ne. `C` da `P` su ne farashin haƙƙoƙin biyu, `S` farashin hannun jarin a yau, `K` farashin yarjejeniya, `r` kuma kuɗin ruwa.

A ɗauka hannun jarin yana dala 102, an yanke dala 105, kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari. Dala 105 ta baɗi daidai take da dala 100 a yau. Ke nan tazarar ita ce 102 a cire 100, wato dala 2. In haƙƙin saye yana dala 10, tilas na sayarwa ya tsaya a dala 8.

To, in aka same shi a dala 6 fa? Ɗan kasuwa zai sayi hannun jarin da haƙƙin sayarwa, ya kashe dala 108. Sai ya sayar da haƙƙin saye a dala 10, ya ci bashin dala 100, ya karɓi 110 ke nan. Rarar dala 2 ta shiga aljihunsa nan take. In farashi ya hau 120 a ƙarshen shekara, mai haƙƙin saye zai karɓe hannun jarin ya biya 105. In ya faɗi zuwa 90, ɗan kasuwar zai yi amfani da nasa haƙƙin ya sayar a 105. Ko ta ina aka ɓullo, dala 105 na hannunsa, daidai bashin da ake binsa. Da yake kowa na farautar irin wannan garaɓasa, rububin saye kan mayar da farashin zuwa 8 cikin hanzari.

Sai dai ma'aunin yana da iyaka. Ya shafi haƙƙoƙi irin na Turai ne, waɗanda ba a amfani da su kafin ranar wa'adi. Irin na Amurka kan ɗan kauce masa. In kamfani zai raba riba kafin wa'adi, sai an cire ƙimarta ta yau daga `S`. In kuma haƙƙin sayarwa ne ya yi tsada, gyaran na buƙatar a ari hannun jari a sayar, abin da hukumar SEC ta Amurka ta hana na ɗan lokaci a kan kamfanonin kuɗi a Satumban 2008.

Saboda haka duk wanda ya ga giɓi a allo, ya fara lissafa la'adar dillali, rabon riba da kuɗin aro. Galibi su ne ke cinye giɓin.