Shekara 20 ana aminci: me za a rubuta a ƙarƙashin hoton?

Duk wanda ke leƙa Facebook ko Instagram ya san irin rubutun. Hoton mata biyu sanye da anko, ko maza biyu sun karya hula, a ƙasa an jera: "Aminiyata ta gari, mai haƙuri, mai kirki, mai amana, 'yar'uwa rabin jiki. Allah ya bar zumunci." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma wadda ta rubuta har zuciyarta take nufi. Matsalar ita ce idan aka cire hoton aka liƙa na wata, rubutun zai zauna daram. Za a iya yi wa maƙwabciya shi, a yi wa kishiyar uwa, a yi wa wadda aka haɗu da ita bara a gidan biki. Mutumin da ya yi shekara 20 yana jure halinka ya cancanci a faɗi abin da nasa ne shi kaɗai.

Jerin yabo hukunci ne da mai rubutu ya riga ya yanke, ya miƙa wa jama'a ba tare da hujja ba. Idan aka ce mutum mai kirki ne, mai karatu zai ce Ma sha Allah ya wuce. Idan kuwa aka faɗi abin da ya yi a wata rana, a wani wuri, mai karatu da kansa zai ce wannan mutumin kirki ne, kuma abin da mutum ya gano da kansa ba ya saurin mantawa. Shi ma wanda aka yi domin sa, abin da ke taɓa shi shi ne ya ga ashe ba a manta ba.

Wata malamar firamare da na sani ta zo da wannan damuwa. Ita da ƙawarta sun haɗu a aji ɗaya na makarantar kwana a 2004, ta so ta sa hotonsu a 2024. Ta rubuta layi shida na yabo, ta karanta, ta ce ita kanta ba ta ga ƙawar tata a ciki ba. Sai muka ajiye tambayar "wace irin mutum ce ita?" muka ɗauko wasu: yaushe kika fara sanin cewa wannan ba ƙawar aji ba ce kawai? Wane abu ta taɓa yi wanda idan kin tuna har yau sai kin yi shiru? Nan take labarai uku suka fito.

Na farko shi ne mafi nauyi. Lokacin da mijin malamar ya rasa aiki, ƙawar ta biya kuɗin makarantar yaranta na zango biyu, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Wannan muka ajiye shi gefe, kuma dalilin yana da muhimmanci. Labarin ba na mutum biyu ba ne, akwai maigida a ciki, kuma rufin asirinsa ba nata ba ne da za ta yaye a bainar jama'a. Ita ma mai kyautar, da gangan ta ɓoye, domin Allah ta yi. A fallasa ta da sunan yabo an ɓata mata niyya, an kuma nuna wa masu roƙo ƙofar gidanta. Na biyu na ban dariya ne, amma akwai wani tsohon manemi a ciki, ita kuwa ƙawar yanzu matar aure ce, dangin miji suna ganin duk abin da aka sa. Shi ma ya tafi. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: sun ji an ce a ba da labari na gaskiya, sai su ɗauko mafi zafi, su tona abin da aka ba su amana. Kafin a zaɓa a tambayi kai, idan akwai abin kunya a labarin, a kan wa zai faɗa? Idan a kan mai rubutu ne, ruwansa. Idan a kan wani ne, a bar shi.

Na uku ƙarami ne, har ta ce anya ya isa? Ga yadda ya fito bayan gyara:

"Ranar ziyara ta farko a makarantar kwana, 2004, babu wanda ya zo mini, don garinmu da nisa. Ina zaune bayan ɗakin kwana ina kuka, sai wata yarinya da ban ma riƙe sunanta ba ta ja hannuna har gaban mahaifiyarta, ta ce, 'Umma, ga wata 'yar taki.' Daga ranar har muka gama, kula biyu Umma take kawowa. Yau shekara 20 ke nan. Allah ya saka miki, ya saka wa Umma, ya bar mu tare."

A duba abin da ke ciki. Akwai lokaci da wuri, akwai magana ɗaya da aka faɗa da baki, akwai abu guda da ido zai iya gani, wato kula biyun nan. Ba a ce "mai tausayi" ba, ba a ce "mai kyauta" ba, amma wa zai karanta bai gane ba? Guntun zancen nan "don garinmu da nisa" ma da aikinsa: idan babu shi, mai karatu zai zargi iyayenta da sakaci, ta yabi ƙawa ta ci mutuncin gidansu ba da nufi ba. Addu'a kuwa tana nan a ƙarshe inda muka saba sa ta. Ba na cewa a daina addu'a ko kaɗan. A dai ba ta abin da za ta tsaya a kai.

Tsari ma yana da ruwa da tsaki. Instagram yana karɓar rubutu har haruffa 2,200, amma kusan 125 na farko kawai ke fitowa kafin kalmar "more", sauran sai an taɓa. Wanda ya cika wannan ɗan fili da "Alhamdulillah, yau rana ce ta musamman a gare ni da ban san ta inda zan fara ba" ya kashe wurin a banza. A fara da ranar da abin ya faru, kai tsaye. Jimla huɗu zuwa shida sun wadatar. Idan labarin yana bukatar a bayyana mutum biyar kafin a fahimce shi, ba na ƙarƙashin hoto ba ne, na hira ne. Haka nan zancen da ku biyu kaɗai kuke gane wa, irin su "kin tuna ranar bokiti?", ya fi dacewa da saƙon waya, domin sauran jama'a za su ji an bar su a waje.

Sai batun ƙari. Hannu yana ƙaiƙayi ya sa ruwan sama a ranar da ba a yi ba, ko ya mai da tafiyar rabin sa'a ta zama ta yini. Kada a yi. Mutum ɗaya da aka rubuta dominsa yana wurin lokacin da abin ya faru, kuma da zarar ya ga ƙari zai san an yi ne don masu danna alamar so. Shi ya sa na ba malamar shawara ta tura wa ƙawar rubutun da hoton kafin ta sa, ko da hakan zai rage armashin ba-zata. Wasu matan aure ba sa son hotonsu a fili, wasu mazan ma haka, kuma tambaya ba ta cin komai. Amsar da ta dawo gajeriya ce: "Ƙawata, kin sa ni kuka. Amma ba bayan ɗakin kwana ba ne, gindin darbejiya ne kusa da famfo." Malamar ta gyara wurin, ta sa.

Labarin kuɗin makaranta kuwa bai tafi a banza ba. Ta rubuta shi da hannu a takarda, ta sa a cikin ledar atamfar da ta saya mata, ta ba direban mota ya kai.