Kafin ki biya kuɗin mota ta hannu: gwada ta da sanyin safiya, da kaya a bayanta

Ƴan kasuwar Imanan da ke jigilar wake da gero daga Bonkuku zuwa kasuwar Lahadi ta Baleyara, ko su wuce Yamai, galibi motar hannu suke saya. Abin takaici, da yawa sukan tsaya ga kyan fenti da ɗan zagaye guda a kan kwalta, alhali ba nan ciwon mota yake ɓuya ba.

A ce Hajiya ta ga tsohuwar Hilux mai shan gas, ta yi mata. Sharaɗin farko, a je da sassafe tare da makanikenta, kafin kowa ya tayar da motar. A ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, to an riga an tayar da ita, kuma inji mai ɗumi yakan rufa wa kansa asiri. A dawo gobe.

Da an murza makulli, a koma baya a dubi salansa. Ɗan hayaƙin da ya watse nan take ba komai ba ne. Shuɗi mai ɗorewa yana nufin inji na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, sau da yawa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, kuma gyaransa sai an buɗe kan inji. A duba murfin baƙin mai: in ya yi kamar shayi da madara, a haƙura da motar.

Sai babban gwaji, wanda dillalai ba su cika so ba. A loda buhu biyar ko shida, tunda aikin da za ta yi ke nan. Direba ya sa giya ta 4 yana gudun kilomita 40, ya take totur sosai. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya cinye. Wani lokaci har ƙauri za a ji. Irin wannan motar, ranar da ta shiga yashin Dallol Boso da kaya, sai an tara masu turi. Wannan kam yana gyaruwa, sai dai a cire kuɗinsa daga farashi.

A sauka daga kwalta a bi hanyar burji, a kashe rediyo (ni ma'aikacinsa ne, amma nan ba wurinsa ba ne). Ƙwas-ƙwas daga ƙasan gaba alamar ƙafar mota ce ta saki. A fili, a taka birki da ƙarfi, a ji ko sitiyari na fizga gefe guda.

Tafiyar ta kai rabin awa, ido na kan allurar zafi. A tsaya, a bar injin yana aiki minti 10 cikin rana. In allurar ta fara hawa, watan Afirilu ba zai yi mata daɗi ba. Kada kowa ya buɗe lagireto sai ya huce.