Idan Zuciya da Ƙoda Sun Gaji Tare: Yadda Ake Auna Maganin Fitsari

A yawon da muke yi cikin ƙauyukan Gwarzo da Kabo, mukan tarar da mutum ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, an ce masa ciwon zuciya ne, an ba shi ƙwayar da ke sa fitsari. Bayan wata biyu kuma sai a ce masa ƙodarsa ce ta taɓu. Daga nan iyali su rikice. Wasu su ce maganin ne ya kashe ƙodar, su hana shi sha. Wasu kuwa su ƙara masa ƙwaya don kumburin ya sauka da sauri. Duk biyun suna iya kai mutum kushewa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda abin yake.

Yadda zuciya da ƙoda suke aiki tare

Wanda ya taɓa noman rani a bakin dam na Guzuguzu ya san abu biyu ke kashe albasa. Idan injin ban-ruwa ya yi rauni, ruwa bai isa fangali ba, sai ta bushe. Idan kuma magudana ta toshe, ruwa ya kwanta a fangalin, sai ta ruɓe. To, zuciya ita ce injin, ƙoda ita ce fangalin.

Wajen kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke turawa, ƙoda yake zuwa. Ƙodojin nan biyu suna tace wajen lita 180 na ruwa a kwana guda, su mayar da kusan dukansa cikin jini, su fitar da lita 1 da rabi ko kusa da haka, wato fitsari. Sa'ad da zuciya ta gaji, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sai ƙodar ta ɗauka jiki ya rasa ruwa ne, kamar na wanda ya yi zawo. Sai ta shiga riƙe gishiri da ruwa, ta kuma saki sinadarin da ke matse hanyoyin jini. Ga shi kuwa ruwa bai ƙaranta ba, injin ne ya kasa. Ruwan da aka riƙe ya zama ƙarin kaya a kan zuciyar da ta riga ta gaji.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Jinin da zuciya ta kasa kwashewa yakan taru a baya, cikin jijiyoyin da ke dawo da jini. Ƙoda kuwa tana cikin wata 'yar jaka ce da ba ta buɗewa sosai. Idan jini ya cunkushe a mafitarta, sai ta matsu, tacewa ta ragu. Likitocin da sun fi ɗora laifi a kan ƙarancin jinin da ke shiga. Binciken da aka yi wajen shekara ta 2009 ya nuna cewa a wurin majinyata da yawa, cunkoson nan na baya shi ya fi lahanta ƙoda. Haka kowace take jan 'yar'uwarta ƙasa. Wani lokaci ma daga ƙoda abin ke farawa, ta kasa fitar da ruwa, jini ya hau, zuciya ta kumbura.

A ƙasarmu, hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne babban mafari. Akwai kuma ciwon suga, da ciwon zuciya na masu jego. A shekarar 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun ba da labarin mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya da aka yi a Kano ya nuna ba waɗannan al'adu kaɗai ke kawo ciwon ba. Amma abu guda bai sake ba: sinadarin da ke riƙe ruwa cikin gishiri, wato sodiyam, shi ne cike da kanwa.

Abin da maganin fitsari ke yi

Ƙwayar da aka fi bayarwa ita ce furosemaid, wadda aka sani da lasis, mai miligiram 40. Aikinta shi ne ta hana ƙoda mayar da gishiri cikin jini, gishirin ya fita, ruwa ya bi shi. Takan fara aiki cikin sa'a guda, ta yi wajen sa'a 6. Shi ya sa ake shan ta da safe. Sai a lura, ba ta warkar da zuciya, kaya take sauke mata. Idan aka sha kaɗan, ruwa ya kwanta, ƙoda ta matsu. Idan aka sha da yawa, jini ya ƙaranta, ƙoda ta bushe. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ta kowace hanya fitsari raguwa yake yi, gwajin jini kuma yakan nuna ƙoda ta taɓu.

Misali

Bari mu kafa misali da wani manomi mai shekara 58, mai hawan jini, wanda zuciyarsa ta yi rauni. Yana shan lasis guda kowace safiya tare da maganin zuciya. Nauyinsa sa'ad da babu kumburi kilo 62 ne. Akwai wani datti cikin jini da ake kira kiriyatinin, wanda ƙoda ke fitarwa. Gwargwadon raunin ƙoda, gwargwadon hawansa. Nasa yana kan 110.

Da kaka, bayan ɗaukar dammunan dawa, bayansa ya riƙe. Ya aika kantin magani aka sayo masa dikulofenak, ya sha har mako guda. Irin wannan magani, da ibufurofen da danginsu, suna tsuke hanyar da jini ke shiga matatar ƙoda, suna kuma rage ƙarfin lasis. Kafin kwana 10 takalminsa ya ƙi shiga, ya koma barci a zaune, gama da ya kwanta sai numfashi ya sarƙe. A asibiti aka auna shi, kilo 67. Kilo guda na kumburi daidai yake da lita guda ta ruwa, wato ledar fiya wata 2. Ke nan yana ɗauke da leda 10. Jijiyar wuyansa ta fito raɗau ko yana zaune. Kiriyatinin ya kai 190.

Ɗansa ya ce, "Likita, tun da ƙodar Baba ta taɓu, ba a tsai da maganin fitsarin ba?" Likita ya ce, "A'a, samari, ƙara shi za mu yi. Ruwan ne ya danne ƙodar." Aka tsai da dikulofenak, aka koma ba shi lasis ta jijiya, miligiram 80 safe da yamma, domin hanjin da ya kumbura ba ya tsotse ƙwaya da kyau. Aka ba ɗan gora mai awo ya riƙa tara fitsarin. Cikin sa'a 6 na fari ana so a ga fiye da rabin lita. In bai kai ba, akan ninka maganin, ko a haɗa da wani iri dabam. Ya riƙa sauke wajen kilo guda kowace rana. Ran kwana na 5 yana kilo 62 da rabi, kiriyatinin ya sauko 125. Aka sallame shi a kan ƙwaya 2 kowace safiya.

Sai ga bazara. Cikin watan Afrilu, zafi ya tsananta, yana ta gumi, ga zawo ya kama shi kwana 2. Bai fasa shan ƙwayoyinsa 2 ba. Fitsari ya koma kaɗan, ja wur. In ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi, bakinsa a bushe, ƙafa ba kumburi ko kaɗan. Ma'auni ya ce kilo 59, kiriyatinin 210. Wannan karon likita ya tsai da lasis kwana 2, ya dakatar da wasu magungunan zuciyar, aka ba shi ruwa a hankali ana sauraron ƙirjinsa. Da nauyi ya dawo 62, aka mai da shi kan ƙwaya guda.

Mu duba da kyau. Mutum ɗaya, gwajin jini kusan iri ɗaya, amma magani ya sha bamban. Abin da ya raba gardama shi ne jikin majinyacin da nauyinsa.

Aikin mutanen gida

Na fari, a san nauyin majinyaci na sa'ad da ba kumburi, a rubuta shi a bangon katin asibiti. In akwai ma'auni a gida ko a ɗakin shan magani na kusa, a hau da safe, bayan fitsari, kafin karin kumallo, da tufafi iri ɗaya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba. A tafi asibiti kada a jira ranar da aka rubuta. In babu ma'auni, a danna ƙashin ƙauri da babban yatsa a ƙirga zuwa 10. In rami ya zauna, kuma yau ya fi jiya hawa sama, ruwa na taruwa.

Na biyu, ranar zawo ko amai, ko ranar da majinyaci ya kasa ci da sha, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar, gama sau da yawa akan dakatar da lasis da wasu magunguna na ɗan lokaci. Mai niyyar azumi ma ya fara shawara da likitansa.

Na uku, gishirin yini duka kada ya kai ƙaramin cokalin shayi, a lissafa har da dunƙulen miya. Kanwa a bar ta. Kada kuma a maye gurbinta da ruwan toka, domin toka cike take da fotashiyam, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. In ya taru cikin jini yana iya tsai da zuciya farat ɗaya, musamman ga mai shan sifironolakton ko lisinofiril. Shi ya sa ake gwada jini mako 1 zuwa 2 bayan an fara su ko an ƙara yawansu. In kiriyatinin ya ɗan hau kaɗan a lokacin, alhali majinyaci yana samun sauƙi, likita ba ya cika tsai da su, domin su ne ke tsawaita rai.

Na huɗu, don ciwon jiki a tsaya ga farasitamol. Jiƙo da haɗe-haɗen 'yan talla da ba a san abin da ke ciki ba, a nisance su.

Iyakar maganin

Akwai inda lasis ke kasawa. In an ninka shi ta jijiya fitsari bai zo ba, hannu da ƙafa sun yi sanyi, majinyaci ya fara ruɗewa ko shaƙuwa da amai, to, abin ya wuce ƙaramin asibiti. Daga Gwarzo ko Kabo akan tura irin wannan Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ke da likitocin zuciya da na ƙoda da injin wankin ƙoda. Tun daga 2019 kuma bincike ya tabbatar da wasu ƙwayoyi da aka fara yi domin ciwon suga, irin su dafagilifulozin, suna kare zuciya da ƙoda tare, har ga wanda ba shi da suga. Suna da tsada, su ma suna ƙara fitsari kaɗan, don haka likita ne zai daidaita su da lasis.

In za a tafi asibiti, a kwashi dukan magungunan da majinyaci ke sha, har da na kanti da na gargajiya, tare da takardar nauyinsa. Da su likita zai gane ko ƙara ƙwayar za a yi, ko rage ta.