Ko Kun Sani? Da saƙon kuskure ake gano hanyar intanet

Idan mutum a Daura ya buga `tracert 8.8.8.8` a kwamfutarsa, babu rautar da ke miƙa masa taswira. Dabarar da Van Jacobson ya fito da ita a 1987 ta dogara ne da TTL, wata lamba da ke kan kowane ƙunshin bayanai, wadda kowace rauta ke rage mata ɗaya. Kwamfutar takan fara aika ƙunshi mai lamba 1. Rautar farko ta mayar da lambar sifiri, ta jefar da ƙunshin, sannan ta aiko da saƙon ICMP mai suna `Time Exceeded`, ɗauke da adireshinta. Sai a aika mai lamba 2, rauta ta biyu ita ma ta bayyana kanta, haka dai har a isa adireshin da aka nufa ko a kai zango 30, ana gwada kowanne sau uku.

Wani zai ce ai layin `* * *` shaida ce hanya ta yanke. Ba lallai ba ne. Rautoci da yawa sukan wuce da kaya lafiya lau, amma an hana su amsawa. Muddin zangon gaba ya amsa, hanya tana nan. Inda ya kamata a damu shi ne shiru ko jinkirin da ya ɗore har layin ƙarshe.