Gyaran Kurakuran Sikanin a Fayil ɗin Marasa Lafiya

Asibitin da ya yanke shawarar kwashe tsofaffin fayil-fayil daga kanta zuwa kwamfuta yakan bi mataki biyu. Da farko na'urar sikanin ta ɗauki hoton kowane shafi, sannan manhajar da ake kira OCR ta mayar da hoton rubutu wanda za a iya bincika. Manhajar ba ta san magani ba, siffar baƙi kawai take dubawa ta yi hasashe. Shi ya sa takan ɗauki sifili a matsayin O, ko 1 a matsayin l, ko ta haɗe rn ya koma m, musamman idan tawada ta koɗe ko hatimi ya hau kan rubutu.

Kuskuren da ya fito da shirme ba shi da wuyar kamawa, domin duk wanda ya gan shi zai tsaya. Wanda ke hana masu gyara barci shi ne kuskuren da ya fito da kalma mai ma'ana.

Ga misali. Hydralazine maganin hawan jini ne, hydroxyzine kuma na ƙaiƙayi ne da rage fargaba, yana kuma sa barci. Kowannensu baƙi 11 ne, uku kacal suka bambanta. A ce likita ya rubuta na farkon, danshi ya taɓa tsakiyar kalmar, manhaja ta fitar da wannan:

```
hydroxazine 25 mg
```

Babu magani mai wannan suna, don haka manhajar gyara za ta nemo mafi kusa a kundin sunayen magunguna. Tana ƙirga baƙaƙen da za a canza kafin wannan kalma ta zama waccan, lissafin da Vladimir Levenshtein ya fito da shi a 1965. Canji ɗaya ya isa a sami hydroxyzine, ana buƙatar biyu kafin a sami hydralazine. Sai ta zaɓi na ƙaiƙayi, ta rubuta shi tsaf ba alamar shakka. Duba adadi ma ba zai taimaka ba, saboda dukansu suna da ƙwayar 25 mg.

Abin da zai tona asirin yana sauran shafukan. Idan fayil ɗin cike yake da awon jini mai hawa, babu inda aka ambaci ƙuraje ko ƙaiƙayi, to sunan bai dace da majinyacin ba. Saboda haka ƙa'idar masu aikin ita ce, duk sunan da ke da tagwai a jerin magunguna masu kama da juna, irin wanda cibiyar ISMP ta Amurka ke fitarwa, ba a bar wa manhaja hukuncinsa. Ana tura shi ga ma'aikacin famasi, a ajiye masa hoton asali kusa da rubutun, ya gani da idonsa. Chlorpropamide na ciwon sukari da chlorpromazine na taɓin hankali suna cikin wannan rukuni.

Lambobi sun fi sunaye wuya, domin ba su da kundin da za a duba. Ɗigon da ke cikin 1.0 mg ƙarami ne ƙwarai, idan ya ɓace adadin ya zama 10 mg, ninki goma. Alamar µg kan rikiɗe ta koma mg, ninki dubu ke nan. U na insulin kuwa yakan zama sifili, 10U ya koma 100, dalilin da ya sa hukumar Joint Commission ta Amurka ta saka shi cikin gajerun rubutun da ta hana amfani da su tun 2004. Maganin wannan shi ne a sa wa kowane magani iyakar sama da ta ƙasa. Levothyroxine na maƙoƙo ana ba da shi ne da µg, don haka 100 mg zai tayar da ƙararrawa nan take. Amma 6 da ya koma 8 zai iya wucewa salin-alin muddin yana cikin iyaka.

Shi kansa hoton ba koyaushe ake dogara da shi ba. A 2013 wani masanin kwamfuta ɗan Jamus, David Kriesel, ya gano cewa wasu na'urorin Xerox suna musanya lambobi a cikin hoton kansa, 6 ya fito 8. Tsarin matse hoto na JBIG2 ne ke ɗaukar siffofi masu kama a matsayin abu ɗaya, ya liƙa guda a madadin sauran. Daga baya kamfanin ya fitar da gyara.

Wannan ne ya sa asibitocin da ke taka-tsantsan suke adana hoto ta hanyar da ba ta zubar da komai, kuma ba sa gaggawar lalata takardun asali. Duk gyaran da aka yi ana rubuta abin da ke wurin a da, da wanda ya canza, da ranar canjin. Shafukan magunguna masu haɗari, irin su insulin da warfarin, mutum biyu ne ke shigar da su daban-daban, kwamfuta ta kwatanta, inda suka saɓa a ɗauko takarda daga kanta.